Fanshon soja, na ɗan sanda da na ma'aikacin gwamnati: inda lissafin ya rabu

"Ni Sufeton 'yan sanda ne, na shiga aiki a watan Yulin 1992, ritayata kuma 2027 ce in Allah ya kai mu. Akwai abokina da ya shiga soja shekara ɗaya da ni, ya ce shi fanshonsa kusan albashinsa ne, ga garatuti a dunƙule. Ƙanena kuma yana wata ma'aikatar tarayya, ya ce ni da shi jirgi ɗaya ya kwaso mu. Wane ne mai gaskiya a cikinsu? Kuma yaya ake lissafa abin da kowannenmu zai samu?"

Yallaɓai Sufeto, dukkansu biyu gaskiya suka faɗa maka. A wajen aiki kai da sojan nan ne 'yan uwa, kuna ɗaukar bindiga, kuna kwana a daji. Amma a wajen fansho, tun daga 2004 doka ta ajiye ka kusa da ƙanenka mai zama a ofis. Shi soja ana lissafa masa daga albashinsa na ƙarshe, gwamnati ce kuma ke ɗauke da nauyin biya har ya koma ga Allah. Kai da ƙanenka kuwa ana lissafa muku daga abin da ya taru a asusunku, wato tarin ƙananan albashin da kuka karɓa tsawon shekaru. Duk sauran bambancin daga nan ya samo tushe.

Yadda aka rabu

Kafin 2004 kowa tsari ɗaya yake bi a manufa. Ma'aikatan gwamnati da 'yan sanda suna ƙarƙashin dokar fansho mai lamba 102 ta 1979, sojoji kuma suna da tasu mai lamba 103 ta wannan shekarar. Ba a cire wa kowa ko sisi daga albashi, gwamnati ce ke biya daga kasafin kuɗi. Da bashin fansho ya yi wa gwamnati katutu, tsofaffi suna faɗuwa a layin tantancewa, sai gwamnatin Obasanjo ta kawo dokar gyaran fansho ta 2004, wadda ta haifi tsarin adashin gata. A farkon tsarin har sojoji an sa a ciki: ana cire wa soja kashi 2.5 cikin 100, gwamnati ta zuba masa 12.5, yayin da ɗan sanda da ma'aikaci ake cire musu 7.5, gwamnati ta ƙara 7.5.

Sojoji ba su daɗe a ciki ba. A 2011 aka yi wa dokar kwaskwarima aka fitar da su tare da jami'an leƙen asiri, aka mayar musu da abin da aka cire daga albashinsu. Dokar 2014 da ta maye gurbin ta 2004 ta tabbatar da wannan a sashe na 5. 'Yan sanda sun nemi a fitar da su su ma, amma abin da suka samu shi ne kamfanin kula da fansho nasu na kansu, wato NPF Pensions, wanda ya samu lasisi a 2014. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Samun kamfani na musamman bai canza ƙa'idar lissafi ba. NPF Pensions yana ƙarƙashin PenCom, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho ta ƙasa, kamar kowane kamfanin fansho, kuma ma'aunin da ake auna ƙanenka da shi, da shi za a auna ka.

Akwai rukuni na uku da ya kamata a ware don kada a haɗa lissafi. 'Yan sandan da suka yi ritaya kafin sabon tsari, da waɗanda a 2004 saura shekara uku ko ƙasa da haka su tafi, suna kan tsohon tsari, kuma PTAD, hukumar da ke kula da 'yan fanshon tsohon tsari, ita ce ke biyansu. Saboda haka idan ka ga wani tsohon Sufeto da ya bar aiki a 2006 yana karɓar abin da ya fi na wanda ya bari a 2016, ba kuskure aka yi ba, dokoki biyu ne daban.

Lissafin soja

Hukumar fanshon soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja abu biyu take dubawa: shekarun da mutum ya yi yana aiki, da albashinsa na shekara a muƙamin da aka tabbatar masa ranar da ya ajiye kaki. Sai a ɗauko jadawalin tsohon tsari a duba kason da ya dace da shekarun. Jadawalin ba shi da wuyar riƙewa. Wanda ya cika shekara 10 yana da fanshon kashi 30 cikin 100 na albashinsa, da garatutin albashin shekara guda cif. Daga nan kowace shekara tana ƙara kashi 2 a fansho, kashi 8 a garatuti. Mai shekara 20 ke nan yana da kashi 50 na fansho da 180 na garatuti. Mai shekara 35 ya kai ƙololuwa: kashi 80 na fansho, kashi 300 na garatuti, wato albashin shekara uku a dunƙule. Wanda ya yi tsakanin shekara 5 zuwa 9 garatuti kawai yake da shi, babu fanshon wata-wata. Guntun shekara kuma idan ya haura wata shida ana cika shi shekara guda.

Mu ɗauki misali da lamba mai sauƙi. Wannan ba albashin wani muƙami ba ne, na zaɓe shi ne don lissafi ya fito fili. A ce albashin abokinka da ake lissafin fansho a kansa naira 200,000 ne a wata, wato 2,400,000 a shekara, kuma ya cika shekara 35. Kashi 80 na 200,000 shi ne 160,000, wannan ne zai riƙa shiga asusunsa na banki duk wata muddin yana raye. Garatutinsa kuma 2,400,000 sau uku, wato 7,200,000. Kuma a lura, garatutin nan ba daga cikin fanshonsa aka yanko shi ba. Kowanne da ƙafarsa yake tsaye.

Bayan wannan akwai wasu abubuwan da suka keɓanci soja. Akwai alawus ɗin da ake biya sau ɗaya tun daga 2017, wanda manufarsa ita ce kada wanda ya bar aiki ya yi amfani da horon da ya samu wajen cutar da ƙasa, kuma shi ma da albashi da yawan shekaru ake auna shi. Akwai kwas ɗin koyon sana'a na wata shida a cibiyar sojoji da ke Oshodi a Legas ga ƙananan sojojin da ke dab da tafiya, ga kuma inshorar lafiya da ke ci gaba bayan ritaya. Wanda ya samu rauni ko naƙasa a bakin aiki kwamitin likitoci ne ke auna girman naƙasar, a biya shi gwargwadon haka ko da shekarunsa ba su kai ba. Dokar ma ta ninka wa waɗanda suka yi yaƙin basasa shekarunsu: duk cikakkiyar shekarar da aka yi a fagen daga tsakanin Mayun 1967 da Janairun 1970, shekara biyu ake ƙirga ta.

Dalilin da ake bayarwa na wannan gata yana da tushe, domin soja ba shi da tabbacin zai kai shekara 35. Kai da ƙanenka ƙa'idarku ɗaya ce a fili, shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, duk wadda ta riga zuwa, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta rubuta haka. Shi kuwa hafsan soja kowane muƙami da iyakar shekarunsa. Idan shekarun suka cim masa bai samu ƙarin girma ba, ko ya kasa tsallake kwamitin ƙarin girma iya adadin da aka yarda, sai ya tafi ko da ƙarfinsa. Haka nan idan aka naɗa na ƙasa da shi shugaban runduna, al'adar soja ita ce manya su ba da wuri. Ƙananan sojoji kuma da wa'adi suke shiga, sai an sabunta musu. Mutumin da za a iya sallama yana da shekara 45 ba zai tara abin kirki a asusun adashi ba. A ganina wannan hujja ce mai ƙarfi, sai dai ba ta amsa tambayar ɗan sandan kwantar da tarzoma da aka tura Zamfara ko Borno yana fuskantar harsashi iri ɗaya da soja ba.

Lissafinka da na ƙanenka

Tunda ka shiga aiki a 1992, kuɗinka kashi uku ne za su haɗu a asusu ɗaya, kuma ya kamata ka san kowanne da sunansa.

Na farko shi ne haƙƙin shekarun da ka yi kafin sabon tsari, daga Yulin 1992 zuwa ƙarshen Yunin 2004, shekara 12 ke nan. A takardun kamfanin fansho za ka ga an rubuta shi Accrued Rights. Gwamnati ta amsa cewa bashi ne a kanta, domin ka yi waɗannan shekaru ne a ƙarƙashin tsohon alkawari. A jadawalin da na ambata shekara 12 tana daidai da fanshon kashi 34 da garatutin kashi 116. Amma ga inda gizo ke saƙa: ba a kan albashinka na Sufeto za a ɗora wannan kaso ba, a kan muƙaminka da albashinka na Yunin 2004 ne, lokacin da wataƙila kana kofur ko saje. Masana lissafin inshora ne ke mayar da shi dunƙulallen kuɗi, gwamnati kuma ta zuba shi a asusunka lokacin ritaya. Jinkirin zuba wannan kaso shi ne babban abin da ya sa a shekarun baya mutum kan yi shekara guda ko fiye bayan ajiye aiki bai ga ko kwabo ba, domin kamfani ba ya fara biya sai kuɗin sun haɗu. Bashin ya taru har a farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da karɓo rancen naira biliyan 758 don biyan basussukan wannan tsari.

Na biyu shi ne abin da ake zubawa duk wata. Dokar 2014 ta ɗaga shi zuwa kashi 18: takwas daga albashinka, goma daga gwamnati. Na uku kuma ribar da kamfani ya samo da ya juya kuɗin, galibi a takardun lamunin gwamnati.

Yanzu mu koma kan naira 200,000 ɗin nan. Kashi 18 nata shi ne 36,000 a wata, wanda 16,000 daga aljihunka ta fito, alhali abokinka ba a taɓa masa nasa albashin. A shekara 432,000 ke nan. Da a ce tun 2004 haka ake zubawa, da ka tara abin a zo a gani. Amma ka fi ni sanin nawa ne albashin kofur a 2005, da nawa ne na saje a 2012. Shekaru goman farko kashi 15 ne na ɗan ƙaramin albashi ya riƙa shiga, sannan hauhawar farashi ta cinye darajar abin da ya tarun. Kuma ba duk abin da ke shigowa hannunka ake cire kason a kai ba. Alawus na aiki na musamman ko na tafiya ba ya cikin lissafi.

A ce duka kashi ukun sun haɗu sun kai naira 9,000,000 ranar ritaya. Kamfani zai shigar da abu huɗu a manhajar lissafin da PenCom ta ba su: jimillar kuɗin, shekarunka na haihuwa, namiji ne ko mace, da albashinka na ƙarshe. Ƙa'idar ita ce a fara ware abin da zai iya biyanka rabin albashinka duk wata, abin da ya yi saura shi ne za ka ɗauka a dunƙule. Rabin 200,000 shi ne 100,000. Don misali, mu ƙaddara cewa kowace miliyan ɗaya tana ba mutum mai shekara hamsin da 'yan kai kimanin naira 7,500 a wata. Ainihin adadin yana motsi da shekarun mutum da ribar kasuwa, amma wannan ya isa ya nuna yadda abin yake. Kafin a samu 100,000 a wata ana bukatar sama da miliyan 13, kai kuma tara gare ka. Tunda kuɗin ba su kai ba, abin da za a bari ka ɗauka a dunƙule ba zai wuce kashi 25 ba, wato 2,250,000. Ragowar 6,750,000 kuma za ta riƙa ba ka wajen naira 50,000 a wata.

Ka jera su ka gani. Albashi ɗaya, shekaru ɗaya: shi 160,000 a wata da 7,200,000 a hannu, kai kuma wajen 50,000 a wata da 2,250,000 a hannu. Kuma abin da ka karɓa a dunƙulen nan, ko da yake a bariki garatuti ake ce masa, ba garatuti ba ne. Kuɗinka ne aka yanko maka daga asusunka, kuma duk abin da ka ƙara ɗauka yana rage na wata-wata. Dokar 2014 ita kanta ba ta wajabta garatuti ba, ta dai bar wa mai ɗaukar aiki ƙofa ya ƙara wani abu a kai idan ya ga dama. Duk wani ƙarin sallama da gwamnati za ta bayar ta wannan ƙofa yake shigowa, kuma takardar umarnin da ta kafa shi ce za ta faɗi waɗanda ya shafa.

Ƙanenka idan albashinsa da tarinsa sun yi daidai da naka, abin da zai samu daga asusunsa ke nan, ba ragi ba ƙari. Wannan magana ta ma'aikacin tarayya ce. Na jiha kowa da dokar jiharsa: Kaduna tana bin adashin gata irin na tarayya, Jigawa da Kano kuwa ana cire wa ma'aikaci kuɗi amma a asusun bai-ɗaya ake tarawa, a biya shi da jadawali.

Ƙarin girman da ya zo a makare

Wannan wurin na fi so ka tsaya a kai, domin shi ne ke nuna dalilin da ɗan sanda ya fi kowa jin jiki a wannan tsari. A ce saura shekara ɗaya ku tafi aka ƙara muku girma ku biyun, albashi ya tashi daga 200,000 zuwa 230,000. A wajen soja, lissafinsa gaba ɗaya ya koma kan sabon albashi. Fanshonsa ya tashi daga 160,000 zuwa 184,000, ƙarin 24,000 duk wata har ƙarshen rayuwa. Garatutinsa ya ƙaru da 1,080,000. A wajenka kuwa, abin da ƙarin girman ya jawo shi ne kashi 18 na 30,000 sau wata 12, wato naira 64,800 kacal a asusu. Idan aka baza ta a kan shekarun ritaya ba za ta ƙara maka ko naira 500 a wata ba. Har ma akwai wani abin takaici: tunda albashin ƙarshe ya tashi, rabin da ake son asusun ya iya biya shi ma ya tashi zuwa 115,000, sai damar ɗaukar kaso mai tsoka a dunƙule ta ƙara nisa.

To aikin ɗan sanda kuwa an san shi da daɗewa a muƙami ɗaya. Mutum ya shiga a kurtu, ya yi shekaru masu yawa a ƙananan muƙamai, sai dab da tafiya igiyoyi da taurari su zo. Tsohon tsari yana yafe wa irin wannan tafiya, domin ƙarshenta kawai yake kallo. Adashin gata ba ya yafewa, kowace shekarar da aka yi a ƙasa tana nan a rubuce cikin asusu. Ma'aikacin da ya shiga da digiri a mataki na 8 ya fara tara kaso mai ɗan kauri tun da wuri, shi ya sa sau da yawa yakan fi ɗan sandan da suka gama a albashi ɗaya.

Wannan ne ya fito da tsofaffin 'yan sanda kan titi a Abuja a watan Yulin 2025 suna neman a cire su daga tsarin, musamman ganin cewa a 2023 an yi wa ma'aikatan Majalisar Tarayya dokar da ta fitar da su. Ƙudurin kafa wa 'yan sanda hukumar fansho tasu ya sha zuwa gaban majalisa. Shawarata ita ce ka yi shirinka a kan dokar da ke aiki a ranar da za ka cike takardu. Duk dokar da za ta canza tsarin, abin da za ka fara dubawa a cikinta shi ne ranar da ta fara aiki, da abin da ta ce game da waɗanda suka riga suka karɓi kasonsu.

Inda naka ya fi nasa

Ba ta kowace fuska soja ya fi ka ba, kuma adalci ne a faɗa. Fanshonsa alkawari ne a kan kasafin kuɗi, sai an saki kuɗi yake gani. Sashe na 173 na tsarin mulki ya ce a duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, amma ariyas ɗin irin wannan ƙari yakan maƙale, shi ya sa ake ganin tsofaffin sojoji suna tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja. Naka kuwa da zarar an fara biya, kuɗin suna hannun kamfanin ajiya, ba sa jiran kasafi.

Na biyu, kora. Sojan da kotun soja ta kora daga aiki yakan rasa fansho da garatuti baki ɗaya, ko da ya yi shekara 30. Ɗan sandan da aka kora kuwa, abin da ya riga ya shiga asusunsa na wata-wata yana nan da sunansa.

Na uku, gado. Idan tsohon soja ya rasu cikin shekara biyar da ritaya, ana ci gaba da biyan magajinsa har shekara biyar ɗin ta cika. Idan ya wuce haka, fanshon ya tafi tare da shi. Kai kuwa ya danganta da zaɓin da ka yi ranar ritaya, kuma zaɓi biyu ne. Na farko, wanda a fom aka rubuta Programmed Withdrawal, kuɗin suna zama a kamfanin fansho ana juya su ana biyanka, idan riba ta yi kyau akan ɗan ƙara maka, idan ka rasu kuma duk abin da ya rage na magada ne. Na biyu, Annuity, ka miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyanka har mutuwa. Yakan ɗan fi yawa a wata, amma lamuninsa ga magada shekara goma ne: wanda ya rasu a shekara ta shida za a biya iyalinsa na shekara huɗu, wanda ya rasu a ta goma sha ɗaya ba a bar musu komai ba. Mai na farko yana iya komawa na biyu daga baya, amma wanda ya shiga na inshora ba ya dawowa. Mai iyali da yawa da ƙananan yara ya auna wannan da kyau kafin dillalin inshora ya sa shi sa hannu. Wanda kuma ya rasu yana cikin aiki, doka ta tanadar wa iyalinsa inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba, ban da abin da ke asusunsa.

Abin da za ka gyara kafin 2027

Ba za ka iya canza ma'aunin ba, amma za ka iya hana a auna ka da mudun da bai cika ba, kuma a nan ne ake yawan yin asara ba tare da an sani ba. Ka je ofishin NPF Pensions da ke hedikwatar rundunar jiharku ka nemi cikakken bayanin asusunka tun daga 2004, ba na wata uku na ƙarshe ba. Ka bi shi wata bayan wata da takardun albashinka a gefe. Abu biyu kake nema: watannin da ba a zuba komai ba, da wuraren da aka ƙara maka girma amma adadin da ake zubawa bai motsa ba. Na biyun ya fi yawa a shekarun da ba a shigar da 'yan sanda tsarin biyan albashi na IPPIS ba, lokacin da ake zuba kuɗi bisa jerin sunayen da runduna ta aika, wanda sau da yawa yana ɗauke da tsohon muƙami. Idan ka ga an yi shekara uku ana zuba adadi ɗaya alhali ka tashi daga kofur zuwa saje a tsakani, to akwai cikon da kake bi, kuma da siginar ƙarin girman za ka nema.

Sai takardun Yunin 2004. Tunda haƙƙinka na shekara 12 a kan muƙaminka da matakin albashinka na wannan watan ya rataya, ka nemo shaidar ƙarin girman da kake kai a lokacin, ka tabbatar abin da ke rubuce a kundin aikinka ya dace da ita. Idan aka shigar da kai a kofur alhali ka riga ka zama saje, an rage maka kuɗi tun daga tushe, gyaransa bayan an biya kuma doguwar tafiya ce.

PenCom tana yin rajistar masu shirin ritaya ne tun kafin shekarar tafiyarsu, don a san abin da za a nema musu a kasafi. Yanzu ta intanet ake farawa, sannan mutum ya je kamfaninsa da asalin takardu a tantance shi: takardar ɗaukar aiki, shaidar haihuwa, takardun ƙarin girma, kundin aiki da wasiƙar gabatarwa daga runduna. Wanda ya bari wannan rajista ta wuce shi, nasa kuɗin sai ya bi layin baya. Kafin ranar, ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fayil ɗin aiki, a kamfanin fansho, a NIN da kuma banki. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko 1969 a wata takarda 1971 a wata, ya isa ya tsayar da biya na watanni. Idan kuma ka taɓa yin rajista da wani kamfanin kafin a mayar da ku NPF Pensions har ka samu lambar asusun fansho, wato PIN, guda biyu, sai an haɗe su tukuna, domin wani ɓangare na kuɗinka yana iya kasancewa a tsohuwar lambar.

Sunan magajin da ka rubuta a fom shi ma ka sake dubawa, wataƙila tun kana saurayi ka sa mahaifinka ko wanka. Wanda aka rubuta ɗin ba shi ne mai gadon kuɗin ba, shi ne dai wanda za a tuntuɓa. Kamfani ba ya sakin abin da ke asusun mamaci sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, sannan a raba wa magada bisa shari'a. Ka sa wanda zai iya zirga-zirgar kotu da ofis, ka kuma nuna wa iyalinka inda lambar PIN ɗinka da kwafin takardun nan suke.